Ko Ka Sani? Windows Ba Daga C: Take Fara Tashi Ba

Ko ka san cewa za ka iya kwashe duk abin da ke cikin C: na tsohuwar laftof ɗinka, ba ka bar ko fayil ɗaya ba, ka zuba a sabon faifan SSD, amma kana kunnawa ta ƙi tashi? Baƙin allo kawai za ka gani da rubutun `No bootable device`. Kayan duk suna nan lafiya lau. Abin da ya ɓace wani ɗan ɓangare ne na faifan wanda Windows ke ɓoye wa mai kwamfuta, kuma shi na'ura take fara nema da zarar an danna maɓallin wuta.

Idan aka kunna laftof, ba Windows ce ke fara aiki ba. Akwai wata 'yar manhaja da ke zaune a allon na'urar, ita ke duba faifai ta nemo mai tada Windows. A tsofaffin kwamfutoci masu BIOS, takan karanta bait 512 na farkon faifan, wato MBR, tsarin da ake amfani da shi tun 1983. Laftof ɗin da suka fito da Windows 8 zuwa sama kuwa galibi da UEFI suke aiki, faifansu kuma tsarin GPT ne. Su nasu wani ƙaramin ɓangare suke nema mai suna EFI, wanda yawanci bai wuce mega 100 zuwa 260 ba. A cikinsa akwai fayil ɗin `bootmgfw.efi` da kuma kundin BCD, wanda ke nuna a wane ɓangare Windows take. Wannan ɓangare ba shi da harafi, don haka ba ya bayyana a wurin da ake kwafe fayiloli. Wanda ya kwashe C: kaɗai tamkar mutumin da ya jide kayansa kaf zuwa sabon gida ne, ya baro makulli a tsohon. Shi ya sa masu gyara ke yin kilonin, wato kwafe faifan gaba ɗayansa, da jadawalin ɓangarorinsa da ɓoyayyun sassansa.

Mu ɗauki laftof mai Windows 10 da tsohon faifai mai juyawa na giga 500, wanda kayan cikinsa giga 120 ne, ana so a mayar da shi kan SSD mai giga 256. Da farko a rubuta `msinfo32` a wurin bincike, a duba layin `BIOS Mode`. Idan ya ce `UEFI`, sabon faifan ma GPT zai zama. Idan ya ce `Legacy`, MBR ne. Sai a buɗe `diskmgmt.msc` a ga fasalin faifan: ga EFI, ga C:, ga kuma ɓangaren farfaɗowa na kusan mega 500, wanda sau da yawa yana can ƙarshen faifan.

A nan cikas na farko yake. Windows tana ganin faifan giga 500 a matsayin 465, na 256 kuma a matsayin 238, saboda lissafinta ya bambanta da na kamfanonin da ke ƙera su. To ɓangaren C: mai faɗin sama da 460 ba zai shiga 238 ba, ko da rabinsa fanko ne. Dole a rage shi, misali da `Shrink Volume`, a ce zuwa giga 200. Wani lokaci Windows takan ƙi sauka ƙasa da wani mataki, domin akwai fayilolin da ba ta iya gusarwa tana cikin aiki. Umarnin `powercfg /h off` yana share ɗaya daga cikin manyansu, wato `hiberfil.sys`, sai a sake gwadawa. Ko bayan an rage C:, ɓangaren farfaɗowa yana nan a ƙarshen tsohon faifan, wurin da sabon bai kai ba. Saboda haka a zaɓi manhajar da ke iya matso da ɓangarori yayin kwafi, irin su Macrium Reflect. Idan faifan yana kulle da BitLocker, a buɗe kullin kafin a fara, a kuma adana lambar cetonsa.

Daga nan sai a jona SSD ɗin da wayar USB mai bakin SATA, a sa laftof a caji, a zaɓi tsohon faifai a matsayin wanda za a kwafa, sabon kuma a matsayin wanda za a zuba wa. A duba girmansu sau biyu kafin a danna, domin idan aka juya su, fankon ne zai shafe kayan, kuma gyaran wannan ba ƙaramin aiki ba ne. A tabbata an haɗa da duk ɓangarorin, ba C: kaɗai ba. Ta USB 3.0, giga 120 kan ɗauki rabin awa zuwa awa guda, ta USB 2.0 kuwa ya fi haka nesa. Idan manhajar ta tsaya tana kukan ta kasa karanta wani wuri, alama ce tsohon faifan ya fara lalacewa, sai a fara ceton muhimman fayiloli tukuna.

Da an gama, kada a gwada tada na'urar SSD yana maƙale ta USB. Windows ɗin da aka kwafa daga faifan ciki ba kasafai take tashi ta nan ba, kuma faifai biyu masu lambar shaida iri ɗaya suna iya rikita ta. A kashe laftof, a cire tsohon, a sa sabon a gurbinsa. Dukkansu inci 2.5 ne, sai dai SSD kaurinsa milimita 7 ne, wasu tsofaffin kuma 9.5, don haka a ɗaure shi da kyau kada ya riƙa motsi.

Idan ta nuna shuɗin allo da lambar `0xc000000e`, ba a yi asara ba. Ma'anarta BCD yana nuni zuwa ɓangaren da babu shi. A tada na'urar da filashin saka Windows, a danna `Shift+F10`, a rubuta:

```
diskpart
list vol
select vol 2
assign letter=S
exit
bcdboot C:\Windows /s S: /f UEFI
```

Lambar 2 misali ce kawai. A cikin jerin, a zaɓi ƙaramin ɓangaren da aka rubuta wa `FAT32`. A kuma lura da harafin da Windows ta samu a jerin, domin a nan ba lallai ya zama C ba. Umarnin ƙarshe yana sake rubuta fayilolin tashi, ya nuna musu inda Windows take a sabon faifan.

Bayan ta tashi, a faɗaɗa C: ya cinye sauran filin. Idan ɓangaren farfaɗowa ya tokare tsakani, `Extend Volume` ba zai yi aiki ba, shi ya sa ya fi sauƙi a daidaita girman tun a manhajar kwafi. Sai a rubuta `fsutil behavior query DisableDeleteNotify`. Idan amsar 0 ce, TRIM yana aiki, wato Windows tana sanar da SSD wuraren da aka goge don kada saurinsa ya ragu.

Shi kuwa tsohon faifan, kada ka yi gaggawar goge shi. Ajiye shi a aljihun tebur na mako biyu ko uku, har ka tabbatar komai yana buɗewa a sabon. Muddin yana nan yadda yake, duk abin da ya faru mayar da shi kawai za ka yi laftof ɗinka ta tashi.