Komawa Jami'a Bayan Jinya: Takardun da Ake Nema da Tsarin da Ke Gamsar da Hukuma

Ɗalibin da ciwo ya raba shi da aji na tsawon zango ɗaya ko biyu ba ya dawowa kawai ya zauna a kujerarsa don ya samu sauƙi. A jami'o'in Najeriya sai ya rubuta takardar neman komawa, takardar ta bi ta hannun shugaban sashensa, ta je wurin shugaban tsangaya, sannan ta kai ga majalisar jami'a, wadda ita ce ke da ikon cewa an amince. Iyaye da yawa suna ɗauka cewa abin da ake bukata shi ne a nuna wa malamai irin wuyar da yaro ya sha. Malaman suna da tausayi, amma idan suka zauna a kan fayil abu uku suke dubawa: shin ɗalibin ya tafi da sanin makaranta, shin likita ya ce yanzu zai iya karatu, kuma shin lokacin da ya rage masa zai ishe shi ya kammala.

Na farkon ne ya fi kayar da mutane, domin tun kafin a fara maganar dawowa ake ɓata shi. A ka'idar jami'a, wanda ya nemi izini ya jingine karatu saboda jinya daban yake da wanda aka daina gani kawai. Na farko sunansa na nan, an ajiye masa gurbinsa. Na biyu kuwa, idan ya ɗauki wasu zanguna a jere bai yi rajista ba kuma bai sanar ba, ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya bar karatu don kansa. Kowace jami'a ta rubuta yawan zangunan da ke jawo haka a cikin littafin ka'idojin da take bai wa sababbin ɗalibai, kuma wannan littafi ne farkon abin da ya kamata a ɗauko. Ba laifin iyali ba ne idan hankalinsu ya tafi kan gadon asibiti, amma ko ɗan'uwa ne ya kai 'yar takarda ofishin shugaban sashe a makon farko, aka buga hatimin karɓa a kan kwafinta, an rage rabin wahalar da za a sha daga baya.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce wata ɗaliba ce a aji biyu, tana karatun digiri na shekara huɗu, wato zango takwas. Ta gama zango uku lafiya, ta ɗauki darussa masu nauyin yunit 60, matsakaicin makinta, wanda ake kira CGPA, yana kan 3.50. A tsakiyar zango na huɗu, bayan ta yi rajistar yunit 20, aka gano tana da tarin fuka. Maganin tarin fuka na huhu wanda bai bijire wa magani ba wata shida ne: wata biyu na farko ana shan haɗin magani huɗu, wata huɗu na baya ana ci gaba da biyu, kuma kyauta ake ba da shi a cibiyoyin da gwamnati ta ware. Jiki ya yi rauni, ta koma gida, jarrabawa ta wuce ta.

Ga abin da izini yake karewa. Yunit 60 a kan maki 3.50 ya ba ta jimillar 210. Idan majalisa ta amince cewa jinya ce ta hana ta rubuta jarrabawa, yunit 20 ɗin nan ba za su shiga lissafi ba, za ta dawo da 3.50 ɗinta. Idan kuwa aka rubuta mata faɗuwa a dukkansu saboda ba a san inda take ba, za a raba 210 ɗin nan da 80, makin ya sauko zuwa kusan 2.63. A ma'aunin maki biyar da jami'o'inmu ke amfani da shi, 3.50 ne farkon digiri mai daraja ta biyu babba, 2.63 kuwa yana cikin ta biyu ƙarama, can kusa da gindinta. Saboda haka takardar neman komawa ba ta tsaya a kan "a bar ni in dawo" ba. Dole ta nemi, a fili, a soke rajistar zangon da ciwo ya cinye ko a ɗauki darussan a matsayin waɗanda ba a rubuta ba da uzuri. Wanda bai nema ba, ba lallai a yi masa ba.

Sai batun takardun asibiti, inda ake yawan yin kuskure ɗaya. Takardar da ke cewa ɗaliba ta yi rashin lafiya daga wata kaza zuwa wata kaza tana bayanin tafiya ne. Hukuma na son wata ta biyu, sabuwa, wadda ke cewa likita ya duba ta a kwanan nan kuma ya gamsu za ta iya komawa aji da ɗakin kwanan ɗalibai. Ga mai tarin fuka, hujjar a bayyane take: katin shan magani da ke nuna ta kammala, da sakamakon gwajin kaki da ake yi a ƙarshen wata na biyu, na biyar da na shida. Takardar ta kasance a kan takarda mai ɗauke da sunan asibiti, da sunan likita, da sa hannunsa, da hatimi, da kwanan wata. A lura ranakun su yi daidai da kalandar makaranta. Idan rahoto ya ce ciwo ya fara bayan an gama jarrabawa, to bai bayyana dalilin rashin rubuta ta ba, kuma mai duba fayil zai gani.

Akwai wani mataki da ake mantawa. Ko daga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano aka kawo rahoto, ko daga na Shika, jami'o'i kan so daraktan asibitin makaranta ya duba shi ya tabbatar kafin majalisa ta karɓa. Gara ɗaliba ta fara zuwa can da kanta, da katin asibitin makaranta da duk takardunta na asali, maimakon ta jira fayil ya yi tafiya ya dawo saboda sa hannu ɗaya. Wanda ya yi jinyarsa a gida da maganin gargajiya ko ruƙiyya yana da matsala ta gaske a nan, domin ba shi da rubutaccen tarihi. Mafita ita ce ya je asibitin gwamnati a duba shi yanzu, ya faɗa wa likita gaskiyar abin da ya faru, likita ya rubuta abin da ya gani. Sayen takardar bogi mummunar shawara ce: ana iya tuntuɓar asibitin da aka ambata, kuma gabatar da takardar jabu laifi ne da ke kai ga kora, alhali asalin uzurin gaskiya ne.

Ina so in tsaya kaɗan a kan waɗanda ciwonsu na ƙwaƙwalwa ne, kamar matsananciyar damuwa, domin su ne suka fi ɓoyewa har lokaci ya ƙure. Iyali na tsoron a ga hatimin asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna ko na Maiduguri a cikin fayil, a riƙa nuna 'yarsu da baki. Tsoron yana da dalili, amma akwai hanya. Cikakken rahoto ya tafi a rufe zuwa ga daraktan asibitin makaranta, wanda likita ne kuma riƙe sirri wajibinsa ne. Abin da zai bi ta ofisoshin sashe shi ne gajeren tabbaci cewa uzurin na jinya ne kuma ɗaliba ta cancanci komawa. Ba dole ba ne kowane akawu ya san sunan ciwon.

Tsarin komawa shi ne ɓangaren da ɗaliba ke rubutawa da hannunta, kuma a ganina shi ya fi nuna ko ta shirya. Abu na farko a cikinsa shi ne zangon da za ta dawo. Yawancin darussa a zango ɗaya kawai ake koyar da su a shekara. Ɗalibarmu darussan zango na biyu ta rasa, don haka ko ta warke a tsakiyar zango na farko na sabuwar shekara, abin da ya dace shi ne ta nemi komawa a farkon zango na biyu, ta ci gaba daga inda ta tsaya. Shiga a tsakiyar zango na da haɗari, domin jami'o'i da dama na sharɗanta halartar kashi 75 cikin ɗari na laccoci kafin a shiga jarrabawa. Kuma wasu darussan aji uku ba a ɗaukarsu sai an ci na aji biyu da suka dogara a kansu.

Na biyu shi ne nauyin da za ta ɗauka. Ƙa'idar da aka saba ita ce ɗalibi kada ya yi ƙasa da yunit 15 a zango, kada ya wuce 24. Mai dawowa daga jinya kan so ya cika 24 don ya kamo abokansa, a nan ne kuma ake sake kwantawa. Ɗalibarmu za ta iya rubuta cewa za ta ɗauki 17, ta ɗage darasin zaɓi guda mai yunit 3 zuwa zango na biyu na aji uku. Idan nauyin wancan zangon 20 ne, zai zama 23, bai ƙetare iyaka ba. Wannan lissafi da malamin da ke kula da ajinta za ta zauna ta yi shi, domin shi ya san darasin da aka canza wa suna ko aka cire yayin da ba ta nan.

Dalilin da ya sa hukuma ke son ganin lissafin shi ne akwai iyakar zama. Digirin shekara huɗu galibi ba a yarda ya wuce shekara shida, wato zango 12. Ya kamata takardar ta roƙi kada a ƙirga lokacin jinyar da aka amince da shi a cikin wannan iyaka, kuma a rubuta haka a takardar amincewa. Ita mai zango uku a baya tana da sarari, amma ɗalibin da ya riga ya maimaita shekara, zango ɗaya na iya zama abin da zai raba shi da digiri. Wanda shekarunsa suka ja kuma ya tuna cewa mai kammalawa bayan ya haura 30 takardar yafewa ake ba shi maimakon zuwa hidimar ƙasa.

Daga nan sai 'yan layuka kan kula da lafiya: asibitin da za ta riƙa komawa, ranar da likita ya ba ta, wanda za a kira idan jiki ya motsa. Mai sikila zai ambaci ɗakin kwana a ƙasa kusa da asibitin makaranta, mai shan maganin ƙwaƙwalwa zai faɗi inda zai riƙa karɓarsa. Buƙatar da aka ambata da sunanta ta fi saurin samun amsa a kan roƙon "a taimaka".

Ita kanta wasiƙar shafi ɗaya ya isa. Da Turanci ake rubuta ta, zuwa ga magatakardan jami'a ta hannun shugaban tsangaya da shugaban sashe, ɗauke da cikakken suna, lambar rajista, aji, ranar tafiya, zangon komawa, da jerin takardun da aka haɗa. Kwafi ake miƙawa, na asali su zauna a hannu sai an nemi gani. A kai ta da wuri, wata biyu ko uku kafin a buɗe rajista, domin kwamitocin sashe da tsangaya da majalisa kowanne da ranar zamansa, kuma fayil da ya makara a ɗaya sai ya jira zama na gaba. Idan amincewa ta fito, kada ɗaliba ta tsaya a kan albishir na baki: ta karɓi rubutacciyar takarda, ta kai kwafi ga jami'in jarrabawa na sashe da ofishin da ke buɗe shafin rajista, sannan ta duba sakamakonta da idonta ta tabbatar an cire darussan zangon jinya kafin ta biya kuɗin makaranta.