Tagar da ta maƙale a allon da babu shi

Ma'aikaci ya haɗa laftof ɗinsa da majigi a ɗakin taro, ya ja tagar manhajar lissafin ofis zuwa babban allo domin kowa ya gani. Taro ya tashi, ya rufe manhajar, ya zare waya. Washegari ya buɗe ta: ga alamarta a layin ƙasa, amma taga ko sama ko ƙasa. A nan ne mutane da yawa ke cewa manhaja ta lalace, su goge ta su sake sa wata, wani ma har ya kai wa mai gyara. Alhali kuwa lafiyarta ƙalau, a buɗe take, sai dai a wurin da ido ba ya kaiwa.

Dalilin yana cikin yadda Windows ke lissafin wuri. Idan aka haɗa allo biyu aka zaɓi Extend, sai ta ɗauke su a matsayin fili ɗaya mai faɗi, ta fara ƙidaya daga kusurwar sama ta hagu ta babban allo. A ce faɗin allon laftof fiksel 1366 ne, majigin kuma yana dama, to filinsa yana farawa ne daga 1366. Tagar da aka rufe a can tana iya rubuta wa kanta cewa mazauninta 1500 ne. Manhajar da aka ƙera da kyau takan duba ko wurin yana nan kafin ta buɗe. Wasu kuwa, musamman tsofaffi, kai tsaye suke komawa 1500, alhali allon ya ƙare tun a 1366.

Gane wannan ba wuya. Idan aka ɗora linzami a kan alamar manhajar, ƙaramin hoton tagar zai fito da abin da ke cikinta, idan kuma aka danna ta, sau da yawa akan ga kamar wani abu ya gilma ya nufi gefe.

Hanyar da ta fi aiki tsohuwa ce, kuma da madannai ake bin ta. Mai kwamfuta zai fara zaɓar tagar da Alt+Tab, sannan ya danna Alt+Space, sai harafin M, wanda ke nufin Move a Windows ta Turanci. Daga nan ya danna kowace kibiya sau ɗaya. Wannan danna kibiyar shi ne wurin da aka fi yin tuntuɓe, domin shi ke liƙa tagar a jikin linzami, in ba a yi shi ba ko an motsa linzamin babu abin da zai biyo shi. Bayan kibiyar, da an motsa linzami taga za ta faɗo cikin allo, sai a kai ta inda ake so a danna hagu. In Move ya ƙi dannuwa, an faɗaɗa tagar ne ta cika allo, sai a fara zaɓar Restore. Mai gaggawa kuma yana iya gwada Win da kibiyar hagu, wanda ke manna taga a rabin allo.

Akwai wani nau'in da ya fi ruɗarwa. Babbar tagar tana nan, amma ta ƙi amsa komai, ko'ina aka danna sai ɗan ƙara. Galibi ƙaramin akwatin Save As ko Print ne ya buɗe a can waje yana jiran amsa, kuma ba shi da alamarsa a layin ƙasa. Tun da shi ke riƙe da madannai, Alt+Space da M da kibiya za su jawo shi.

Wani lokacin kuma Windows ce ke ganin allo na biyu yana nan. Hakan kan faru idan an ɗauke wuta: allon tebur ya mutu, laftof na tafiya da batir, waya kuma tana jone, musamman ta VGA. Alamarsa ita ce linzami ya fice ta gefen allo ya ɓace. A nan jawo taga ɗaya ba ya kashe matsalar, sai a danna Win+P a zaɓi PC screen only, tagogin su dawo gida.

Masu Windows 10 suna da Cascade windows idan suka danna dama a layin ƙasa, amma an cire shi a Windows 11, wadda ta fito a 2021 da sabon zaɓi na Remember window locations based on monitor connection a ƙarƙashin Multiple displays. Yana taimakawa, sai dai ba ya hana manhaja amfani da lambar da ta adana wa kanta. Saboda haka bayan an dawo da taga, a bar ta a matsakaicin girma a tsakiyar allo, a rufe ta da X ɗinta. Idan da Task Manager aka kashe ta, ba ta samun damar rubuta sabon wurin, gobe ma 1500 za ta nufa.