Layin da babu kowa ma yana bukatar rahoto

A dakin gwaje-gwaje na asibiti, kwamfuta na jera samfuran jinin da ke jiran aiki. Ma'aikacin dare ya duba da karfe 2, ya ga jerin wayam. Idan ya rubuta “babu komai” kawai, bai taimaki mai karbarsa da safe ba.

Abin da ya kamata ya rubuta shi ne lokacin da ya duba, jerin da ya bude, da lokacin da samfurin karshe ya shigo. Wannan na karshen ya fi tona asiri. Idan dakin masu jinyar gaggawa cike yake, amma tun karfe 9 babu abin da ya shigo, da walakin.

Watakila sadarwa ce ta yanke, allon ya tsaya a kan tsohon bayani. Ko kuwa wani ya bar binciken a kan kwanan watan jiya. Duk biyun kan nuna sifiri, tamkar an gama aiki.

Tabbatarwar ba wuya: ya sabunta shafin, ya nemo samfurin da ya san an shigar dazu, sannan ya leka kwandon karbar samfura ko akwai kwalaben da ba a yi wa rajista ba.