Kafin odita ya buɗe littafin shago: abin da wasiƙar yarjejeniya ke ɗora wa kowa

A ce akwai wani shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari da ke Kano. Alhaji ne ya kafa shi, 'ya'yansa biyu ke tsaye a kai, ƙanensa kuma yana da kaso. Sun yi rajistar shagon a matsayin kamfani a hukumar CAC, cinikinsu na shekara ya kai naira miliyan 150. Sun nemi banki ya ba su jari, banki ya ce sai sun kawo lissafin shekara da odita ya bincika ya sa hannu. Da suka je wurin kamfanin odita, abin da aka fara miƙo musu shi ne wasiƙa mai shafi uku ko huɗu, aka ce Alhaji ya karanta ya sa hannu. Yawancin 'yan kasuwa sakin layin kuɗin aiki kaɗai suke dubawa. Ni kuwa a ganina shi ne mafi ƙarancin haɗari a cikin takardar.

Ba son ran odita ba ne rubuta wannan wasiƙa. Ƙa'idar binciken lissafi ta duniya mai lamba 210, wadda 'yan ƙungiyoyin akantoci irin su ICAN da ANAN ke aiki da ita, ta wajabta a rubuta sharuɗɗan aiki a amince da su. Dole ta faɗi manufar binciken da iyakarsa, nauyin da ke kan odita, nauyin da ke kan masu kamfani, tsarin lissafin da za a bi, da irin rahoton da ake sa ran fitarwa.

Kafin sa hannu, ya kamata iyalin su tambayi kansu ko binciken ma ya wajaba a kansu. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ɗauke wa ƙaramin kamfani wajibcin naɗa odita, kuma cikin sharuɗɗan zama ƙarami akwai kada ciniki ya wuce naira miliyan 120 a shekara, kada dukiyar kamfani bayan cire bashi ta wuce miliyan 60. Shagon Alhaji ya haye iyakar cinikin, don haka ba shi da mafita. Maƙwabcinsa mai cinikin miliyan 40 kuwa, wataƙila abin da yake buƙata akanta ne kawai ya haɗa masa lissafi. Aiki ne daban, mai arha, amma babu wani tabbaci da akantan zai bayar a kansa. Idan wasiƙa ta ce haɗa lissafi za a yi, banki kuma cikakken bincike yake so, an biya kuɗi a banza. Wannan yana cikin sakin layi na farko.

Sashen da ke jawo rigima shi ne na rabon nauyi. Wasiƙar za ta ce shirya lissafi aikin masu kamfani ne, haka ma tsare dukiya da kafa hanyoyin da za su hana kuskure da sata. Za su kuma buɗe wa odita duk abin da ya nema: takardun banki, rasiɗai, littafin bashi, da damar yi wa kowa tambaya, har yaron shago. Shi odita abin da ya ɗauka shi ne ya bincika, ya faɗi ra'ayinsa kan ko lissafin ya nuna gaskiyar halin da kamfani ke ciki. Tabbacin da zai bayar mai ƙarfi ne, amma wasiƙar za ta faɗa ƙarara cewa ba cikakke ba ne, domin ba kowane rasiɗi zai duba ba. Samfuri yake ɗauka.

Ga yadda abin ke faruwa a aikace. Odita yakan yanke wani adadi da yake ganin kuskuren da ya kai shi zai iya sauya tunanin mai karanta lissafi. A ce ya ɗauki kashi ɗaya cikin ɗari na ciniki, wato naira miliyan ɗaya da rabi. To, idan ɗaya daga cikin 'ya'yan yana zarar naira 20,000 daga aljihun tebur duk mako, a shekara ya kwashe naira 1,040,000. Kuɗi ne mai zafi ga iyali, amma bai kai adadin ba, kuma idan cinikin da aka zare kuɗinsa ba a ma rubuta shi ba, babu sawun da za a bi. Odita na iya kammala aikinsa bisa ƙa'ida, ya ba da rahoto mai tsabta, bai gan shi ba. Ranar da asiri ya tonu, Alhaji zai je ofis a fusace.

"Malam, ba don wannan na biya ka ba?"

"Alhaji, a yi haƙuri, a duba shafi na biyu. Tsaron aljihun tebur yana wuyanku. Da na ci karo da alama, dole in bi ta in kuma gaya muku, amma ba farautar ɓarawo aka ɗauke ni ba."

Odita ne ke da gaskiya a nan, ko da yake ina ganin laifin duk wanda ya miƙa wa dattijo takardar Turanci bai zauna ya fassara masa wannan sashen ba. Idan zargi ne ya sa iyali neman odita, su faɗa tun farko. Binciken zamba aiki ne na musamman, da wasiƙarsa da kuɗinsa.

Sai batun lokaci. Rabin dukiyar shagon atamfa tana kan kanta da cikin sito. Idan shekarar lissafi na ƙarewa ranar 31 ga Disamba, kayan da ke ƙasa kuma sun kai na miliyan 40, ƙa'ida ta nemi odita ya halarci ƙidayar kaya da idonsa. Masu shago ke ƙirgawa, shi yana kallo, yana zaɓar wasu diloli ya sake ƙirgawa, yana lura da turamen da suka koɗe ko yayinsu ya wuce. Idan ba a sa hannu a wasiƙar ba sai watan Maris, ƙidayar ta wuce shi. Zai iya ƙirgawa a Maris ya bi lissafin shige da fice ya koma baya zuwa Disamba, amma sai in an rubuta shige da ficen. In babu, zai sa togaciya a rahotonsa cewa bai iya tabbatar da kayan ba, jami'in banki kuma wannan layin zai fara gani. Don haka a nemi ranar ƙidaya ta fito a cikin wasiƙar, tare da ranar miƙa takardu da ranar karɓar rahoto. A kuma lura da jimlar da ke cewa rahoton na iya bambanta da wanda ake sa rai. Kuɗin aiki ba ya sayen rahoto mai tsabta.

Akwai abin da shagon iyali ya keɓanta da shi. Cefanen gida, kuɗin makarantar jikoki, kujerar Hajji, duk daga aljihun tebur ɗaya suke fita. Ga bashin miliyan 9 da ke hannun 'yan kasuwar ƙauye da 'yan uwa, mafi yawansa da baki aka ƙulla. Wasiƙar za ta ce a ƙarshen aiki daraktoci za su rubuto takarda suna tabbatar da cewa sun bayyana komai, har da mu'amalar da ke tsakanin kamfani da dangi. Wanda ya sa hannu ya ɗauki wannan tun ranar farko. Odita zai iya tura wa masu bashi takarda su tabbatar da adadin da ake binsu, kuma gara surukin Alhaji ya ji labarin daga bakin Alhaji kafin takardar ta iso masa.

Abin da wasiƙa ba ta ambata ba, ba ya cikin aikin. Cike takardun haraji, miƙa bayanan shekara ga CAC, rubuta littattafan da aka yi sakaci da su, kowanne sai an rubuta shi da farashinsa. Kuma a shagon da ƙane ke da kaso, ya kamata shi ma ya karanta kafin Alhaji ya sa hannu da sunan kamfani, domin rahoton odita ga masu hannun jari gaba ɗaya ake rubuta shi.