Takardar da ke raba ɗan gudun hijira da baƙon haure a Nijar

Dubban mutanen Sakkwato, Zamfara da Katsina da 'yan bindiga suka kora zuwa jihar Maraɗi tun 2019 sun tsallaka iyaka ba tare da takardar shaida ko ɗaya ba. Irinsu gwamnatin Nijar kan karɓa a jimlace, ba a yi wa kowa doguwar tambaya. Duk da haka sai an yi rajista, domin wanda ba ya cikin kundi ba ya cikin rabon abinci.

Ma'aikatan hukumar CNE ta Nijar da na UNHCR ne ke yin aikin. Magidanci zai zo da iyalinsa duka, har jariri na goye. A rubuta sunaye, shekaru da garin da aka baro, a ɗauki hoto da zanen yatsu, sannan a ba gidan takardar shaida. Da ita ake kare kai idan jami'an tsaro sun tare hanya, kuma ita ce hujjar cewa ba za a mayar da mutum inda ya gudo ba, kamar yadda yarjejeniyar 1951 ta tanada.

A wurin rubuta suna ake yawan samun matsala. Matar da aka rubuta Hadiza a yau, gobe ta ce Dije, ta jawo wa kanta dogon bincike. Haka wanda ya yi rajista sau biyu don ƙarin rabo: yatsunsa za su tona shi. Yaron da aka haifa daga baya kuma, sai an kai shi an saka shi a takardar gidan.

Rajistar kyauta ce. Duk wanda ya nemi kuɗi a kanta macuci ne, a kai ƙararsa.