Ƙarin Bayani a Common App: Yaushe Ake Cike Shi?

Common App, manhajar da ake neman gurbin karatu da ita a jami'o'in Amurka fiye da 1,000, tana da wani gurbi mai suna "Additional Information" wanda cike shi ba dole ba ne. An tanade shi ne domin abin da takardun ɗalibi ba za su iya faɗa da kansu ba.

Misali, ɗalibar da makinta ya faɗi a aji biyu na babbar sakandare saboda jinyar mahaifiyarta. Mai tantancewa lambobi kawai yake gani, bai san dalili ba. A nan ya kamata ta rubuta jimloli huɗu ko biyar: me ya faru, a wane zango, wata nawa ya ɗauka, da yadda makin ya farfaɗo daga baya. Ba a son roƙo, ba a son ɗora wa malamai laifi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne maimaita babbar maƙala ko jera lambobin yabon da tuni aka ambata. Wannan ɓata lokacin mai karantawa ne. Wanda ba shi da giɓin da zai bayyana, barin gurbin babu komai ya fi masa.