Wace Oda Ce Ta Dace da Manhaja Idan Kasuwa Ta Rikice?

Duk wanda ya buɗe manhajar cinikin hannun jari zai tarar da oda iri uku a allo: Market, Limit da Stop. Market tana nufin a yi ciniki nan take a kan duk farashin da aka samu. Limit kuwa kai ne ke gindaya iyaka: kada a sayar ƙasa da kaza, ko kada a saya sama da kaza. Ta farko tana gaggauta ciniki amma ba ta tabbatar da farashi, ta biyu tana tsare farashi amma ciniki na iya ƙin faɗawa.

A ce kana son sayar da hannun jari 1,000, allo kuma yana nuna dala 50. Sai dai mai tayin dala 50 guda 100 kawai yake so, na bayansa yana son 200 a kan 49.50, sauran 700 kuma ba mai taya su sai a kan 46. Odar Market za ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ka tashi da dala 47,100 maimakon 50,000. Da Limit ka sa a kan 49.50, da 300 ne za su shiga, 700 su saura a hannunka.

Stop ce ta fi yaudarar mutane. Tana nan kwance har sai farashi ya taɓa inda ka ajiye ta, daga nan ta rikiɗe ta koma Market. Ranar 6 ga Mayu 2010, da kasuwar Amurka ta rufta cikin 'yan mintuna, masu saye suka janye, har aka sayar da hannun jarin Accenture a kan santi 1, alhali ɗazu yana wajen dala 40. Duk Stop ɗin da ta tashi a irin wannan lokaci, abin da ta tarar shi za ta karɓa.

Mutum idan ya ga farashin banza zai dakata, amma manhajar da ke ciniki da kanta abin da aka tsara mata kawai take bi. Shi ya sa aka fi ɗora ta a kan Limit da ke dab da farashin kasuwa, tare da sharaɗin IOC, wato a cika abin da ya samu nan take, a soke ragowar. Daga nan sai ta duba nawa aka cika kafin ta sake aika wata, don kada ta sayar sau biyu.

Wannan ma yana da illa. Idan farashi ya tsallake iyakarka, kayan suna hannunka, asara kuma tana ƙaruwa, kuma haka Stop-Limit take. Don haka kafin ka saki manhaja, tsara mata sau nawa za ta sake gwadawa, da yawan asarar da in ta kai za ta tsaya ta sanar da kai.